Yadda Ake Gwada Gurbin Rubuta Kuɗi a Manhajar Tiransifa da Lambobi 11 Kacal

Duk wanda ke tura kuɗi ta waya ya san ƙaramin akwatin nan da aka rubuta wa `Amount`, inda ake shigar da adadin da za a aika. A ido ba shi da wani sha'ani, lamba ce mutum zai rubuta ya danna `Send`. Sai dai lambar da aka rubuta a ciki ita ke tantance ko kuɗin zai tafi, nawa za a cire na caji, da kuma saƙon da zai fito idan an ƙi. Kuskure ɗaya a wannan gurbi na iya sa a ciri fiye da abin da ya dace daga asusun dubban mutane, ko a aika adadin da mai asusun bai nufa ba.

Kafin a saki manhaja, akwai masu aikin gwada ta don gano irin waɗannan kurakurai. Matsalarsu ita ce lambobin sun yi yawa. A ɗauka manhajar tana karɓar daga ₦100 zuwa ₦200,000. Adadin da mutum zai iya rubutawa tsakanin nan ya kai 199,901, ba a ma sa kwabo a lissafi ba. Idan kowane gwaji ya ci minti ɗaya, mai gwaji zai shafe kusan kwana 139 ba barci ba hutu. Idan aka haɗa da kwabo, lambobin sun kusa miliyan 20. Babu kamfanin da zai iya wannan, don haka dole a zaɓi kaɗan. Tambayar ita ce waɗanne za a zaɓa.

## Dabarar kasawa rukuni-rukuni

Amsar da masu gwaji suka daɗe suna amfani da ita ita ce dabarar da ake kira ikwibalens fatishinin da Turanci, wato kasa abubuwan da za a iya shigarwa rukuni-rukuni bisa yadda ya kamata manhaja ta bi da su. Glenford Myers ya yi bayaninta a littafinsa na gwajin manhaja da ya fito a 1979, kuma har yau tana cikin darussan farko da ake koya wa sababbin masu gwaji.

Mai sayen hatsi a kasuwar Dawanau ba ya zazzage buhu ya duba ƙwaya-ƙwaya. Yana soka buhun ne, ya dubi ɗan abin da ya zubo a tafin hannunsa, ya yanke hukunci a kan buhun gaba ɗaya. Amma ba zai soki buhun gero ya ce ya san halin buhun masara ba. Kowane buhu sai an soke shi daban.

Haka gwajin yake. Idan doka ɗaya ce ke aiki a kan ₦2,000 da ₦2,500 da ₦3,100, to duk a buhu ɗaya suke. Idan manhaja ta yi daidai da ɗaya, ana sa ran za ta yi daidai da sauran, idan kuma ta kuskure a ɗaya, ana sa ran za ta kuskure a sauran. Gwada ukun duka ɓata lokaci ne, wakili ɗaya ya isa. Babban aikin shi ne gane buhunan nawa ne da kuma inda kowanne ya fara da inda ya ƙare. Sharaɗi biyu ne ake kiyayewa: kowane abu da za a iya rubutawa ya samu rukunin da zai faɗa, kuma kada abu ɗaya ya faɗa rukuni biyu.

## Dokokin manhajar da za a gwada

Ba a kasa rukuni da ka. Daga rubutattun dokokin manhaja ake fitar da su. Manhajar da za a yi misali da ita a nan ta ƙirƙira ce, amma yawancin lambobinta daga tsarin da ake aiki da shi a Najeriya aka ɗauko su.

Babban Bankin Najeriya ya kasa asusun kuɗi na waya mataki uku, gwargwadon shaidar da mai asusun ya gabatar. A sanarwarsa ta 2017, mataki na farko na iya hada-hadar ₦50,000 a rana, na biyu ₦200,000, na uku ₦5,000,000. Asusun misalin yana mataki na biyu. Jadawalin caji na bankin da ya fara aiki a Janairun 2020 ya sa ₦10 a kan turawar da ba ta wuce ₦5,000 ba, ₦25 daga nan zuwa ₦50,000, sai ₦50 a kan abin da ya haura haka. Akwai kuma harajin ₦50 na gwamnati da ke hawa kan turawar ₦10,000 zuwa sama. Wasu manhajoji kan yafe cajin, bankuna kuma kan ɗora harajin kayan masarufi a kansa, shi ya sa ake ganin ₦10.75 a alat. Domin lissafi ya yi sauƙi, an bar wannan ƙarin a gefe.

Ga dokokin misalin a dunƙule: mafi ƙarancin turawa ₦100, mafi yawa ₦200,000 a rana, ana karɓar kwabo har lamba biyu bayan ɗigo, caji yana bin jadawalin da ke sama, kuma daga asusun mai turawa ake cire harajin ₦50.

## Rukunan da manhaja za ta karɓa

Wanda ya fara koyon aikin yakan ga rukuni uku kawai: ƙasa da ₦100, tsakanin ₦100 da ₦200,000, da sama da ₦200,000. Sai ya gwada ₦40 da ₦30,000 da ₦250,000, ya ce ya gama. Kasawar tasa ta duba abu ɗaya ne kurum, wato ko an karɓa ko an ƙi. Amma manhajar ba ta bi da ₦2,500 da ₦120,000 iri ɗaya. Duk ta karɓe su, sai dai caji ya bambanta. Tunda sakamako ya bambanta, ba rukuni ɗaya ba ne.

Jadawalin caji ya yanka rukunin tsakiya gida uku. Harajin ₦50 kuma ya sake yanka gidan ₦25 gida biyu, domin yana farawa ne a ₦10,000, a tsakiyar wannan gida. Wanda ya tura ₦7,000 da wanda ya tura ₦30,000 duk ₦25 suke biya na caji, amma na biyun yana da ƙarin haraji. Ke nan rukunan da ake karɓa huɗu ne.

| Rukuni | Wakili | Caji da haraji | Abin da zai fita daga asusu |
|---|---|---|---|
| ₦100 zuwa ₦5,000 | ₦2,500 | ₦10 | ₦2,510 |
| Sama da ₦5,000, ƙasa da ₦10,000 | ₦7,000.50 | ₦25 | ₦7,025.50 |
| ₦10,000 zuwa ₦50,000 | ₦30,000 | ₦75 | ₦30,075 |
| Sama da ₦50,000 zuwa ₦200,000 | ₦120,000 | ₦100 | ₦120,100 |

Layin ƙarshe na jadawalin shi ne mafi muhimmanci, kuma ana cike shi ne tun kafin a taɓa waya. Mai gwajin da bai rubuta amsar da yake jira ba zai ga `Successful` a allo ya gamsu, alhali ₦30,025 aka cire maimakon ₦30,075. Za a kuma lura cewa an sa wa wakili na biyu kwabo hamsin da gangan. Lamba mai kwabo ita ma rukuni ce da ya kamata a karɓa, kuma babu laifi a haɗa rukuni biyu masu kyau a gwaji ɗaya, tunda duk amsa ɗaya ake jira: kuɗi ya tafi, lissafi ya daidaita.

## Rukunan da ya kamata ta ƙi

A nan kurakurai suka fi taruwa, domin mai rubuta manhaja yakan fi mayar da hankali ga mutumin da ya rubuta abu daidai. Rukunan ƙi guda bakwai ne a wannan misali.

Biyu sun fito fili daga doka: abin da bai kai ₦100 ba, a wakilta shi da `40`, da abin da ya haura ₦200,000, a wakilta shi da `250000`. Sifili, wato `0`, ana ware masa rukuni nasa duk da cewa shi ma bai kai ₦100 ba, saboda a harsunan rubuta manhaja irin su JavaScript da Python ana iya ɗaukar sifili tamkar ba a shigar da komai ba, sai ya bi wata hanya daban a cikin manhajar. Lamba mai alamar ɗebewa, kamar `-500`, ita ma daban take, kuma ta fi hatsari: idan ba a tare ta ba, ɗebe ɗebewa ƙari ne, sai lissafi ya juya, asusun mai turawa ya ƙaru maimakon ya ragu. Sauran ukun sun shafi siffar rubutun: gurbin da aka bari babu komai, haruffa kamar `dubu`, da lamba mai ɗauke da lambobi uku bayan ɗigo kamar `1500.755`, wadda babu kwabon da ya yi daidai da ita.

Wani zai ce ai madannin da ke fitowa a gurbin kuɗi lambobi ne kawai, ta ina haruffa za su shiga? Ta kwafa da liƙawa. Mutum na iya kwafo adadi daga saƙon WhatsApp ya liƙa shi a gurbin tare da duk abin da ya biyo shi. Bayan haka, manhajar da ke kan waya ba ita ke motsa kuɗi ba, saƙo take aika wa sabar kamfanin, kuma mai mugun nufi na iya aika wa sabar saƙo kai tsaye ba tare da ya bi ta manhajar ba. Saboda haka ake gwada waɗannan rukunai sau biyu, a kan waya da kuma a kan sabar.

Huɗu masu kyau da bakwai marasa kyau sun ba da gwaji 11. Aikin da zai ci kwana 139 ya koma na abin da bai kai awa ɗaya ba, kuma kowace doka da aka rubuta ta samu gwajin da ya taɓa ta.

## Laifi ɗaya a kowane gwaji

Akwai ƙa'ida game da rukunan ƙi wadda ta saɓa wa ta masu kyau: ba a haɗa biyu a gwaji ɗaya. Ga abin da ke faruwa idan aka haɗa.

Mai gwaji yana so ya tabbatar manhaja na ƙin abin da ya haura ₦200,000. Ya rubuta ₦250,000, amma asusun gwajin ₦20,000 ne kawai a ciki. Manhaja ta ƙi, ta nuna `Insufficient balance`. Ya sa alamar cewa gwaji ya yi nasara. A gaskiya bai gwada iyakar rana ba ko kaɗan. Manhajar ta duba kuɗin da ke asusu ne da farko, ta tsaya a nan, ba ta ko isa wurin duba iyaka ba. Ko da an manta ba a rubuta dokar iyakar ba gaba ɗaya, sakamakon da zai gani ke nan. Laifi ɗaya ya rufe ɗan'uwansa.

Maganin shi ne a zuba wa asusun gwajin ₦300,000, ta yadda abu ɗaya tak ne zai hana turawar. Sannan a karanta saƙon da ya fito. Idan aka ƙi amma dalilin da aka nuna ba shi ne wanda ake jira ba, gwajin bai ci ba.

## Iyakokin da ke motsi

Wannan misali ya tono wani abu: adadin da aka rubuta ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Kuɗin da ke asusu da abin da aka riga aka tura a ranar su ma suna yanka rukuni, kuma nasu iyakokin ba sa tsayawa wuri ɗaya.

A ɗauki mai ₦20,000 a asusu. A ido zai iya tura duk abin da bai wuce ₦20,000 ba. Amma a wannan rukuni caji da haraji ₦75 ne, don haka mafi yawan abin da zai iya turawa shi ne ₦19,925. Tsakanin ₦19,925 da ₦20,000 akwai wani siririn rukuni, inda kuɗin asusu ya isa adadin amma bai isa adadin da caji ba. Manhajar da ta kwatanta adadin da kuɗin asusu kafin ta haɗa caji za ta bar ₦19,960 ya wuce, asusun ya koma bashi ko turawar ta maƙale a hanya. Babu ko ɗaya daga cikin gwaji 11 na farko da zai kama wannan, sai an ƙara masa nasa.

Haka iyakar rana. Wanda ya riga ya tura ₦180,000 da safe, ₦20,000 ya rage masa. ₦30,000 ɗin da ke rukunin karɓa ɗazu yanzu ya koma rukunin ƙi. Don haka mai gwaji ba ya rubuta adadi shi kaɗai, yana rubuta halin da asusun ke ciki tare da shi.

## Inda dabarar ke gazawa

Dabarar duka tana tsaye ne a kan zato ɗaya, cewa 'yan rukuni ɗaya halinsu ɗaya. Rukunan kuwa daga takardar dokoki aka fitar da su, manhajar kuma na iya raba lambobi a wurin da takardar ba ta ambata ba.

Waƙafi misali ne mai kyau. Mutane da yawa sukan rubuta dubu biyar haka: `5,000`. A JavaScript akwai umarnin da ke mayar da rubutu lamba, wanda ke daina karantawa da zarar ya ci karo da alamar da ba ta cikin lamba:

```js
parseFloat("5,000")    // 5
parseFloat("150,000")  // 150
```

A ce mai gwaji ya tuna da waƙafi, ya ware masa rukuni, ya zaɓi `5,000` a matsayin wakili. Manhaja ta karanta ₦5, ta ga bai kai ₦100 ba, ta ƙi. Ya rubuta cewa manhaja ba ta karɓar waƙafi, babu hatsari. Amma `150,000` zai koma ₦150, wanda ya haura mafi ƙaranci, sai ya wuce lafiya lau. Ɗan kasuwa ya tura wa dillalinsa ₦150 yana zaton ya biya ₦150,000. Rukunin da aka ɗauka ɗaya ashe biyu ne. Alamar tana nan tun a gwajin farko ga wanda ya karanta saƙon: manhaja ta ce dubu biyar ya yi kaɗan, abin da ba zai yiwu ba.

Wani ɓoyayyen yanki yana can sama. Manhajojin kuɗi da yawa suna ajiye adadi a kwabo ne domin guje wa kuskuren lissafin ɗigo. Idan ma'ajin lambar mai bit 32 ne, babbar lambar da zai ɗauka ita ce 2,147,483,647, wato ₦21,474,836.47. Abin da ya wuce nan na iya juyewa ya zama lamba mai alamar ɗebewa ko ya sa manhajar ta tsaya. Ga takardar dokoki, ₦250,000 da ₦30,000,000 duk “sama da iyaka” ne. Ga na'ura kuwa ba ɗaya ba ne. Shi ya sa gogaggen mai gwaji yakan tambayi masu rubuta manhajar yadda suke ajiye lambar, sannan ya ƙara rukuni.

Gazawa ta uku tana bakin iyaka. Ga layin da ke ɗora haraji, da kuskuren alama ɗaya:

```python
if kudi > 10000:   # daidai: kudi >= 10000
    haraji = 50
```

Wakilan ₦7,000.50 da ₦30,000 duk za su ba da amsa daidai. Lamba ɗaya ce kawai ke kuskure, ₦10,000 cif, kuma tana cikin adadin da mutane suka fi turawa. Wakilin tsakiyar rukuni ba ya ganin abin da ke bakin rukuni. Saboda wannan ne ake haɗa dabarar da 'yar'uwarta, gwajin bakin iyaka, inda ake gwada lambar iyakar kanta da maƙwabciyarta, kamar ₦9,999.99 da ₦10,000, ko ₦5,000 da ₦5,000.01. Kasawa ce ke nuna inda iyakokin suke, gwajin bakin iyaka kuma ya je ya duba su.

## Idan doka ta canza

Rukunai ba sa dawwama, dokar da ta haife su suke bi. Idan mai asusun ya ɗaga matsayinsa zuwa mataki na uku, ₦250,000 ya bar rukunin ƙi ya koma na karɓa, dole a nemo masa sabon wakili. Idan aka kai manhajar Nijar, inda ake amfani da sefa wadda ba a rarraba ta ƙasa da ɗaya a hada-hadar yau da kullum, lamba mai ɗigo ta tashi daga rukunin karɓa. Idan gwamnati ta sauya inda haraji ke farawa, layukan jadawalin su ma sai sun motsa. Tsohon jerin gwaji da ba a sabunta ba zai ci gaba da nuna nasara a kan dokar da aka daina aiki da ita.

Masu gwaji suna yin duk wannan ne a kwafin manhaja na gwaji, da kuɗin bogi. Asusun gaske ba wurin jarraba `-500` ba ne, domin kuɗin da ya fita bisa kuskure dawo da shi ba ƙaramin aiki ba ne. Wanda ke son koyon dabarar takarda da biro sun ishe shi. Ya buɗe jadawalin caji da iyakoki na manhajar da yake amfani da ita, ya zana dogon layi, ya sa alama a duk lambar da wani abu ke canzawa, caji ne ko haraji ko izinin turawa. Kowane tsakanin alama biyu rukuni ne. Sai ya zaɓi wakili ɗaya a kowanne, ya lissafa abin da ya kamata ya fita daga asusu, ya kwatanta da tsofaffin rasit ɗin da ke `Transaction history` na wayarsa. Rasit ɗin da bai yi daidai da lissafin ba yana nuna ɗaya daga biyu: ko akwai rukunin da bai gano ba, ko kuma an cire masa abin da ya cancanci ya tambayi ba'asi a kai.